Gefen da Rana Take

Saura kwana shida motar alhazai ta tashi daga Wurno, Inna Habi ta kira autanta Maccido ta gaya masa abin da take so ta tafi da shi. Ba garin gero ba ne, ba kuɗin guzuri ba, duk an shirya waɗannan. Hoto take so, guda ɗaya, ita a zaune, 'ya'yanta maza uku a tsaye bayanta. Tafiyar mota ce ta Yarwa a ƙasar Barno har Sudan, kuma ta san tsofaffi da yawa da suka bi wannan hanya ba su dawo ba.

Maccido shi ne mai hoto a Wurno. Ya koyi aikin a Gusau wurin wani Bayarabe, ya dawo da akwatin hoto mai ƙafafu uku da baƙin ƙyallen lulluɓe kai, ya toshe tagar wani ɗaki a gidansu ya mai da shi ɗakin wanki. Ya san abin da Inna take nema ba zai yiwu ta hanyar da kowa ya sani ba. Babban wansa Halliru, dillalin albasa a Goronyo, da mai bi masa Lawwali, malamin dabbobi na En'e a Rabah, shekara shida ke nan ba su tsaya a inuwa ɗaya ba. Rigimar a kan garkar albasar babansu ce da ke Tursa. Ranar rabon, magana ta yi zafi a bakin rijiyar ban ruwa, Lawwali ya saki sandar jigo da gangan ko da kuskure, wannan ya danganta da wanda ka tambaya, ta tsaga wa Halliru kumatun hagu daga kunne har kusa da baki.

Ya gaya mata ba za su zo ba. Ta ce ta sani, ita ta haife su. Amma ta taɓa ganinsa ya haɗa wani tsohon soja da matarsa da ta rasu a takarda ɗaya, har mutumin ya yi kuka. Hakan take so. Sai ta ɗaga yatsa.

"Amma in na ga ɗinki, ba ni so. In na duba na gane liƙa su anka yi, ka riƙe abinka."

A ɗakin wanki ya buɗe kwalin fim ya ƙirga da hannu cikin duhu. Falle bakwai suka rage, kuma sabon kwali ba zai iso daga Sakkwato ba sai bayan sati biyu. Mutum huɗu, falle huɗu. Na biyar na sake ɗaukar haɗin ne bayan an yanka an liƙa, don ya koma hoto ɗaya marar tudu. Biyu na ko-ta-kwana.

Ran Asabar da hantsi ya rataya farin zanen bango a tsakar gida, ya zaunar da Inna a kujera tana kallon arewa. Rana tana gabas, ta sauka a kumatunta na dama, inuwar hancinta ta kwanta zuwa hagu. Ya kafa karan dawa a ƙasa ya jira har inuwarsa ta yi daidai da tsawonsa, sannan ya ɗauka. Ya auna taku bakwai daga ƙafar akwati zuwa inda take, ya ɗaura ƙulli a igiya, ya kuma yi tsaga a ƙafafun akwatin don tsayinsu kada ya canza. Bayan ta tashi ya tsaya a bayan kujerar cikin babbar rigarsa, matarsa Asta ta danna masa. Asta ce mai yankan hotuna a gidan, hannunta ya fi nasa natsuwa da reza. Ta ce masa ya daina murmushi, ba wanda zai yi murmushi cikin yayyensa, zai fita daban.

Lahadi ya ɗaura kaya a keke ya nufi Rabah.

Lawwali ya karɓe shi a zaure ba tare da ya tashi ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko an riga an ɗauki na Goronyo. Da ya ji ba a ɗauka ba, sai fuskarsa ta ɗan saki. Ta biyu, wa zai tsaya a hannun daman Inna. Maccido ya ce babba. Lawwali ya ce shi ya sa bai taɓa ganin amfanin wannan sana'a ba, akwati ne da ba ya sanin wanda ya yi wa uwa hidima da wanda ya shekara bai leƙo ta ba. Ya so a ɗauke shi nan take, da tsakar rana, don yana da aiki. Maccido ya ce rana a tsakiyar kai takan zuba duhu a ramin ido, ta sa hula ta rufe goshi, zai fito kamar wanda ya tashi daga ciwo, kuma ba zai dace da hasken da ke fuskar Inna ba. Kalmar ciwo ce ta yi aiki. Lawwali ya jira har la'asar, lokacin da inuwar kara ta sake daidaita da tsawonsa. Ya sa riga mai aska biyu da agogonsa, ya tsaya yana kallon kudu don ranar yamma ta sauka masa a dama, yana ta cewa a yi a gama.

Litinin Goronyo. Ya iske Halliru a ƙofar gida cikin buhunan albasa, ana ɗinke bakinsu da tsawon basilla. Warin ya cika unguwar. Halliru bai amsa gaisuwa duka ba, ya ce ya ji an fara da yaron En'e. Maccido ya ce hanya ce ta zo da haka. Halliru ya ce ai kullum hanya takan zo da haka.

Ya yarda a yi bayan sallar la'asar. Da lokaci ya yi ya fito cikin shuɗiyar riga, ya tsaya a ƙofar zaurensa mai kallon arewa, ya ce a rataya zanen a nan. Maccido ya duba sama ya duba ƙasa. Ranar yamma tana bugun kumatun Halliru na hagu, tabon ya fito fari-fari, kowane ɗinkin wanzami a bayyane.

Ya roƙe shi ya tsallaka hanya ya juya ya kalli kudu. Ya yi masa bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa kowa: Inna da Lawwali rana a dama take musu. In mutum uku suna tsaye wuri ɗaya, rana ɗaya ce a kansu, inuwarsu gefe ɗaya take faɗuwa. In ɗaya ya fito da haske a hagu, ko wanda bai san hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Halliru ya saurara har ƙarshe. Ya shafa tabon da yatsa biyu.

"In na juya, wanga gehe ina za shi?"

"Cikin inuwa, Yaya."

"Awo. Shi yat turo ka ke nan."

Maccido ya rantse ba wanda ya turo shi. Halliru ya ce to me ya sa tun farko aka zaɓi ranar da za ta ɓoye aikin Lawwali, cikin duk ranakun Allah. Maccido ya ce bangon tsakar gidansu ne ya zaɓa, shi bai ko tuna da tabon ba. Wannan ya fi komai ɓata wa Halliru rai. Ya ce dama ba wanda ya tuna. Ya ce Inna za ta je gaban Ka'aba ta yi wa 'ya'yanta addu'a tana duban takardar nan, to ta dube shi yadda aka bar shi. Ko a ɗauke shi a nan, ko mai hoto ya kama hanyar Wurno tun rana ba ta faɗi ba. Masu ɗinkin buhu sun daina ɗinki suna kallo.

Inuwar kara ta fara wuce tsawonsa. Maccido ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle. A cikin duhun nan ya tuna da wata dabara ta maigidansa na Gusau: dodon hoto falle ne mai shara-shara, in ka kifa shi ta baya a kan takarda, hagu ya koma dama. Ya auna taku bakwai da igiya, ya danna.

Talata tun da safe suna ɗakin wanki, shi da Asta, da fitila naɗe cikin jan ƙyalle. Ya buga Halliru sau biyu, ɗaya daidai, ɗaya a kife. Da takardun suka bushe Asta ta bi gefen kowane mutum da reza, ta kankare bayan takardar a baki-baki har ta yi siriri, ta shafa baƙin fensir a kan farin yankan. Suka jera su a kan farin kwalin da zai zama zanen bango ba tare da ƙaro ba tukuna.

Da farko suka sa Halliru na daidai. Ba sai an yi magana ba. Inuwar hancin Inna ta yi hagu, ta Lawwali ta yi hagu, ta Maccido ta yi hagu, ta Halliru ta yi dama. Ninkin rigarsa yana haske inda na sauran yake duhu. Kamar an ciro shi daga wani gari aka jefa, kuma hakan aka yi.

Suka cire shi suka sa na kife. Nan take ya zauna. Haske ɗaya ya bi fuskoki huɗu. Asta ta daɗe tana kallo, sannan ta sa bakin reza a ƙirjin Halliru. Aljihun babbar riga da aikin zarensa a hagu suke, kowace riga a ƙasar nan haka aka ɗinka ta. Na Lawwali da na Maccido suna hagu, na Halliru ya koma dama. Maccido ya ce kafaɗar Inna za ta rufe rabinsa in aka matsar da shi kaɗan. Asta ta ce sauran rabin fa, da fuskar. Ya ce idon Inna ba kamar da ba. Ta ce to, ta miƙa masa ƙaron.

Inna tana ƙulla daddawa a tsumma lokacin da ya kai mata. Bai sake ɗauka ba tukuna, haɗin ne kawai a kan kwali, don ta gani kafin ya kashe falle. Ta goge hannu, ta fita da shi bakin ƙofa, ta nisanta shi da fuskarta. Ta duba kanta ta yi tsaki. Ta duba Lawwali. Da ta zo kan ɗan farinta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa, sai ta tsaya.

"Wanga wane na?"

"Yaya na Goronyo, Inna."

"A'a. Ni nis sa mai magani kwana arba'in. Da hannun dama nika shafa mai yana kallona, ban taɓa ƙetare hancinai ba. Ciwon ga hagu shike." Ta matso da kwalin. "Kuma wane maɗinki yad ɗinka mai riga bai-bai?"

Ya gaya mata gaskiya, daga kara har kifa dodo. Ya ɗauko Halliru na daidai ya ɗora a gefe don ta ga dalili. Ta gani. Ta ce wannan ɗanta ne amma ba ya tare da su, wancan yana tare da su amma ba ɗanta ba ne, kuma ba ta son ko ɗaya. Ta tambaya ko Halliru zai yarda a sake. Maccido ya ce ko an yanka shi. Ta jujjuya ƙullin daddawa. Sai ta ce, to ita a juya ta. Ita tsohuwa ce, ba ta da gefen da take ɓoyo. A sa mata rana a hagu, a sa wa Lawwali ma.

Maccido ya koma ɗaki ya sake taɓa kwalin fim, ko da yake ya san adadin. Uku. Inna, Lawwali, da na haɗi. Asta tana tsaye a ƙofa, ita ma ta yi lissafin. Ta buɗe baki, ya ce mata ta bari sai an ga abin da Rabah ta ce.

Laraba da hantsi aka mai da zanen ɗaya bangon, Inna ta zauna tana kallon kudu, rana a hagunta. Kara, igiya, taku bakwai. Ya bar wa Asta fallen ta wanke ta buga ta yanka, ya hau keke. Zafin bazara ya riga ya sauka, ƙarfen keken yana ƙona hannu, kuma rairayi ya sa shi turawa a wurare biyu.

A Rabah aka ce Malam Lawwali ya tafi Tursa, ana yi wa shanun Fulani allura, Baturen dabbobi yana can. Maccido ya rataya zanensa na tafiya a bangon da ya dace, ya kafa akwati da kara, ya zauna. Aka kira la'asar. Inuwa ta daidaita, ta wuce, ta ninka. Sai can Lawwali ya iso a kan doki, ƙafafunsa duk kashin shanu.

Ya ga akwatin ya tambayi mene ne kuma. Maccido ya nuna masa haɗin farko da ya zo da shi, ya nuna masa Halliru na daidai, ya yi bayani. Lawwali ya yi makarantar midil, bai buƙaci a maimaita ba. Ya riƙe takardar Halliru da yatsa biyu yana kallon tabon da rana ta haska.

"Wato ni za a juya don shi."

"Inna ma an juya ta, Yaya."

"Inna ba ita anka ce ta tsaga mai kumatu ba."

Ya ce shekara shida Halliru yana yawo da fuskar nan kasuwa-kasuwa kamar tallan goro, yanzu kuma yana so a kai ta Makka. Ya ce igiyar jigon ce ta tsinke, kowa a Tursa ya sani, amma babu wanda yake sayen albasa wurin igiya, shi ya sa aka bi bakin Halliru. Ya ce shi ya tsaya inda aka ce ya tsaya, lokacin da aka ce, ya bar aikinsa ya jira inuwar kara kamar ladan, wanda ya ƙi kuma shi aka bi. Haka gidansu yake tun suna yara. Sannan ya juyo kan Maccido: mutum ya yi shekara uku a Gusau ya dawo bai iya sarrafa inuwa ba, to me ya koya, lulluɓe kai kamar amarya? Ya ce ya shafe tabon da fenti mana, ko ya zana wa Halliru inuwa a ɗaya gefen, ai ya ga ana yi.

Maccido ya ce ana iya rage haske kaɗan, ana iya cike ɗan duhu, amma ba a iya ɗauke rana daga kumatu ɗaya a mai da ita ɗaya da buroshi. Hanci, leɓe, ƙarƙashin hula, kowane ninkin riga, duk sai an sake zana su, kuma abin da zai fito zane ne, Inna za ta gane tun daga ƙofa.

Lawwali ya yaga takardar Halliru gida biyu ya yar. Ya ce a yi amfani da nasa na Lahadi ko a bari.

Maccido ya sunkuya ya tsince guntayen. Ya sa su a aljihu. Bai taɓa mai da wa Lawwali magana ba tun yana yaro, kuma yanzun ma bai ɗaga murya ba.

"Na Lahadi ba shi shiga. Ba ni nih hana ba, hasken ba ɗaya na ba. Gobe in sha Allahu akwai hoto, Inna zaune, Yaya Halliru ga damanta. Hagunta zane na hwari. Shi za ta tahi da shi."

"Kana yi min barazana?"

"Ina gaya maka abin da ka cikin kwali."

Lawwali ya shiga gida. Ba a aiko da ruwa ba. Maccido ya kwance zanen ya naɗe, ya ɗaure ƙafafun akwati, yana cikin ɗaura su a keke aka kira magariba. A masallaci suka tsaya sahu ɗaya da mutum biyar a tsakaninsu. Bayan sallama Lawwali ya wuce ta gabansa, bai dube shi ba, ya ce da mutumin da ke kusa a gaya wa mai hoto akwai tabarma a zaure, kuma shi ba zai bar dillalin albasa ya tsaya shi kaɗai a bayan uwarsu har Makka ba, ko da za a sa masa rana a ƙeya.

Alhamis da hantsi ya fito cikin riga ɗaya da ta Lahadi. Ya so a yi tun fitowar rana don ya huta da abin. Maccido ya nuna masa kara: inuwar ta yi tsawon mutum biyu, haske zai shigo a kwance, na Inna da Halliru kuwa daga rabin sama yake saukowa. Suka tsaya suna kallon inuwa tana janyewa. Motar za ta tashi bayan la'asar, Wurno kuma tafiyar awa biyu da rabi ce. Sau biyu Lawwali ya duba agogo ya ce ai ya isa. Sau biyu Maccido ya ce saura kamu ɗaya, saura yatsa uku. Da ta daidaita Lawwali ya tsaya yana kallon kudu, rana a hagunsa, ya ɗaure fuska tamau.

"Ka gaya mai ba don shi niy yi ba."

Maccido ya ce ba ya jin za su haɗu. Ya danna.

Ya iso gida kafin azahar, rigarsa jiƙe. Asta ta riga ta shirya komai: sabon farin kwali, Inna a yanke, wani Halliru na daidai a yanke an kankare bakinsa, ruwan magani a tasoshi an sa su cikin kaskon ruwan randa don kada zafi ya narkar da fuskar fim. Ya wanke fallen Lawwali, Asta ta yi masa fifita da mafici har ya bushe. Ya buga, ta yi fifita, ta yanka. Daga waje ana jin mata suna shigowa sallama da Inna, wasu suna kuka, ana fitar da kaya.

Suka liƙa maza biyun da farko, sannan Inna a kansu don kafaɗunta su rufe gabansu. Kafin Asta ta sa ƙaro, ta ɗauko Maccido na ran Asabar ta ɗora a gefen Lawwali. Ya duba. Fuskoki uku rana a hagu, tasa a dama. Ta ce a kifa dodonsa, shi ba shi da tabo. Ya nuna mata aljihun rigarsa. Ta ce a ɓoye shi bayan kafaɗar Lawwali, kai kawai ya fito. Ya ce matar da ta gane gefen da ta shafa magani shekara shida da suka wuce ba za ta kasa gane fuskar da take gani kullum ba, kuma falle ɗaya ya rage, ba za a yi gwaji da shi ba. Ya ɗauke kansa ya ajiye a kan taga.

Da siririn buroshi ya zana inuwar yayyensa a ƙasa, yana bin gefen da inuwar kujerar Inna ta faɗa da tsawonta. Ya kafa kwalin a inuwar rumfa, inda haske yake zuwa ko'ina daidai, don bakin yankan kada ya jefa tasa inuwar. Ya sa fallen ƙarshe. Ya daɗe a ƙarƙashin ƙyallen fiye da yadda aikin yake buƙata.

An idar da la'asar lokacin da ya fito da hoton tsakanin kwali biyu, da sauran danshi. Motar tana bakin kasuwa, an ɗaure kaya har sama, direba yana zagin masu dogon ban kwana. Inna tana zaune a benci na biyu ta gefe. Halliru bai zo ba, ya aiko da buhun busasshiyar albasa. Lawwali ya aiko da bargo.

Ta karɓa ta buɗe, ta nisanta shi da fuska. Maccido yana kallon idonta yana tafiya: hancinta, hancin na Goronyo, tabon a hagu fari a cikin rana, aljihun riga, Lawwali da ɗaurarriyar fuskarsa, ƙasa inda inuwa uku suka kwanta gefe ɗaya. Ta shafa babban yatsa a kan kafaɗar Halliru tana neman tudu. Ta karkata takardar ta duba ta gefe. Matar da ke kusa da ita ta leƙo ta ce ashe yaran sun shirya, Allah mun gode. Inna ta juyo wurin Maccido.

"Kai hwa?"

"Fim yaƙ ƙare, Inna."

"Ka ce mutum huɗu."

"Nawa rana ga dama take."

Ta dube shi daga hula har ƙafa, a hankali, yadda ta dubi hoton. Ta ce ya matsa baya kaɗan, rana tana idonta ba ta ganinsa sosai. Ya matsa. Ta ce ya juyo nan. Ya juyo, ya tsaya da hannuwansa masu warin magani a gefe, ba ta daina kallonsa ba har yaran mota suka ɗaga marfin baya suka sa sakata. Sannan ta rufe kwalin biyu, ta naɗe su a bakin mayafi, ta cusa cikin rigarta.

Da ya koma gida Asta tana zubar da ruwan tasoshi a bayan ɗaki. Hotonsa na ran Asabar yana nan a kan taga, zafi ya fara nannaɗe shi. Ya ɗauka ya danne shi a ƙarƙashin kwalin fim ɗin da ba kowa a ciki, ya fita ya kwance zanen daga bangon tsakar gida.